Janye amincewa da aiki bayan samun wanda ya fi shi: tambayoyi da amsoshi kan rubuta wasiƙar

Na yi shekaru ina aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfanin kasuwanci a Garwa, kuma wasiƙun janyewa masu yawa sun bi ta kan teburina. Wasu na karanta su na ji mutuncin marubucin ya ƙaru a idona duk da cewa ya bar mu da guraben da za mu cike, wasu kuwa sun rufe wa masu su ƙofar da ba lallai ta rufu ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda matasanmu na Garwa da Marwa da Ngaundere suka fi kawo mini idan sun amsa wani aiki, sannan kafin ranar farawa wani wanda ya fi shi ya fito.

Na riga na amsa aiki, yanzu kuma an kira ni a wani wuri da ya fi. Yaushe ya kamata in rubuta wasiƙar janyewa?

Kada ka rubuta komai sai sabon aikin ya zo hannunka a rubuce, da sunan muƙamin, da albashin, da ranar farawa, da sa hannun wanda ke da ikon ɗauka. Kiran waya da aka ce maka "an zaɓe ka, ka shirya" bai isa ba, musamman a ƙungiyoyin agaji, inda gurbin aiki kan dogara da kuɗin da mai ba da tallafi bai saki ba tukuna. Na ga wanda ya janye daga wurinmu a kan kiran waya kawai, sannan aka ɗage aikin da yake sa rai har wata huɗu, ya zauna ba tsuntsu ba tarko.

Amma da zarar takardar ta iso, ka karanta ta kuma ka sa hannu, to ranar nan ko washegari ya kamata wasiƙarka ta fita. Dalilin gaggawar shi ne, duk ofishin da ya yi tantancewa yana riƙe da sunan wanda ya zo na biyu, kuma wannan mutumin ba zai zauna jira har abada ba. Idan ka sanar da kwana goma kafin ranar farawa, za a iya kiransa ya fara a kan lokaci, asarar kamfanin ba za ta wuce ta 'yan kiraye-kirayen waya ba. Idan kuwa ka bari sai daren ranar farawa, ko ka ƙi zuwa kawai ka kashe waya, an riga an sallami sauran masu nema, sai a sake talla daga farko. Yawancin fushin da na gani a irin wannan lamari jinkirin ne ya jawo shi, domin janyewar kanta kowane mai ɗaukar ma'aikata ya san tana faruwa.

Wasiƙar janyewa zan rubuta ko ta murabus?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara warwarewa, domin amsarta ce ke yanke irin kalmomin da za ka yi amfani da su, kuma amsar tana cikin abin da ka sa wa hannu. Ka ɗauko takardun ka duba.

Idan abin da ya shiga tsakaninku takardar tayin aiki ce kawai, ka amsa ta da baki ko da imel, ba ka sa hannu a kwantiragi ba kuma ba ka fara aiki ba, to janyewa kake yi. A wasiƙar da za ka buga da Faransanci kalmar da ta dace ita ce `désistement`, kada ka rubuta `démission`, domin murabus na wanda ya riga ya zama ma'aikaci ne, kuma rubuta shi tamkar ka amince da bakinka cewa wajibai na ma'aikaci sun hau kanka. Duk da haka kada ka ɗauka amincewar baki ba komai ba ce. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wato doka mai lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992, ba kowane kwantiragi ta wajabta a rubuta ba, saboda haka "na amince" da ka faɗa ko ka aika tana da nauyi, shi ya sa ake warware ta a rubuce.

Idan ka riga ka sa hannu a kwantiragi, ka duba wane iri ne. Wanda ba shi da ranar ƙarewa, wanda za ka ga an rubuta `CDI` a kansa, kowane ɓangare na iya kawo ƙarshensa, amma sashe na 34 na dokar ya ce a sanar a rubuce, a faɗi dalili, kuma a ba da wa'adi. Ga wanda bai cika shekara ɗaya a wurin ba, wa'adin kwana 15 ne idan yana cikin rukuni na 1 zuwa na 6 a matakan ma'aikata, wata ɗaya kuma idan rukuninsa ya wuce haka. Wanda ya tafi bai ba da wa'adin ba, ana iya neman ya biya kwatankwacin albashin waɗannan kwanaki. Sai ka duba ko akwai sharaɗin gwaji, wanda sashe na 28 ya ce dole ya kasance a rubuce, kuma ba ya wuce wata 6, ko wata 8 ga manyan ma'aikata. A cikin lokacin gwaji rabuwa tana da sauƙi ƙwarai ga kowane ɓangare.

Wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne kwantiragi mai wa'adi, mai alamar `CDD`, kuma shi ne aka fi bayarwa a ayyukan ƙungiyoyi. Sashe na 38 ya hana a katse shi kafin lokacinsa sai da babban laifi, ko abin da ya fi ƙarfin mutum, ko yardar ɓangarorin biyu a rubuce. Samun aikin da ya fi albashi ba ya cikin biyun farko. Saboda haka wanda ya sa hannu a irin wannan kwantiragi, wasiƙarsa roƙo za ta zama: zai nemi a amince a warware kwantiragin da yardar juna, kuma a ba shi amsar a rubuce. Kafin ya aika, ya kai takardunsa wurin sufeton ƙwadago na yankinsa ya duba masa. Mutanen Kuseri da ke neman aiki a Njamena su lura cewa can dokar ƙwadago ta Chadi ta 1996 ce ke aiki, lissafin da na kawo nan na Kamaru ne.

Me zan sa a cikin wasiƙar, kuma da wane tsari?

Bari in amsa da misalin wani matashin akanta da ya zo gidana da magariba, takardu biyu a hannunsa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wani kamfanin sayar da kayan gini a Garwa ya ba shi takardar tayi ranar 10 ga Fabrairu a kan albashin sefa dubu 180, ya amsa ta imel ranar 12, aka sa masa 3 ga Maris ya fara, har aka ba shi sefa dubu 50 na somin-taɓi don ya kama ɗaki. Bai sa hannu a kwantiragi ba, an ce sai ranar farawa. Ranar 19 ga Fabrairu sai ga takardar wata ƙungiya a Marwa, albashin ya kusa ninki biyu, ga kuma inshorar lafiya ta iyali.

Ya riga ya rubuta daftari mai shafi biyu. Ya fara da doguwar godiya, ya bi da tarihin yadda mahaifinsa ya sha wahalar karatunsa, sai a tsakiyar shafi na biyu ya ce "mai yiwuwa zuwana ya yi wuya a halin da ake ciki". Na tambaye shi, idan kai ne darakta ka karanta wannan jimla, za ka kira mutum na biyu ko za ka jira? Ya yi shiru, sannan ya ce zai jira. Wannan shi ne babban kuskuren da ake yi: kunya takan sa marubuci ya lulluɓe maganar har mai karatu ya kasa gane an janye ne ko ana neman a lallashe shi. Mun zauna muka mai da ita haka, kafin ya juya ta zuwa Faransanci:

> Garwa, 20 ga Fabrairu
>
> Zuwa ga Darakta,
>
> Batu: Janye amincewata da muƙamin akanta
>
> Yallaɓai,
>
> Ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa na janye amincewar da na bayar ranar 12 ga Fabrairu game da muƙamin akanta da kuka yi mini tayinsa a takardarku ta 10 ga wata, saboda haka ba zan fara aiki ranar 3 ga Maris ba kamar yadda muka shirya.
>
> Bayan na ba ku amsata na sami wani tayin aiki, kuma bayan dogon tunani na yanke shawarar karɓarsa. Na san wannan zai dagula muku shiri, ina neman afuwa a kan haka, kuma shi ya sa na gaggauta sanar da ku domin ku sami lokacin kiran wani.
>
> Sefa dubu 50 da aka ba ni ranar 14 ga wata zan mayar da su wurin mai ajiyar kuɗinku gobe, 21 ga Fabrairu. Ina roƙon a tabbatar mini a rubuce cewa wannan wasiƙa ta iso.
>
> Na gode da amincewar da kuka nuna mini da kuma karramawar da na samu a lokacin tantancewa.
>
> Ka huta lafiya.

Layin batu a takardar da ya buga ya kasance haka:

```
Objet : Désistement du poste de comptable
```

Ka lura cewa jimlar farko ta ɗauki dukan nauyin: an janye, daga wane muƙami, amincewar wace rana, kuma ranar farawa ta faɗi. Ranakun suna da amfani domin wanda zai buɗe wasiƙar wataƙila magatakarda ne da ke riƙe da fayiloli da yawa, kuma idan wata rana gardama ta tashi, takardar da kanta za ta nuna cewa an sanar kwana 11 kafin lokaci. Godiya ta koma ƙarshe da gangan. Na san tarbiyyarmu ta saba da gabatar da gaisuwa da godiya kafin a shiga magana, kuma a baki haka ya kamata a yi, amma a takarda idan godiya ta yi tsawo a farko, darakta mai sauri zai ɗauka wasiƙar tabbatar da zuwa ce ya ajiye ta gefe.

Dole ne in faɗi cewa wani aiki na samu? Ba zai fi sauƙi in ce matsalar iyali ce ba?

Zai fi sauƙi na kwana biyu kawai. Arewacin Kamaru ba shi da faɗin da za a ɓoye irin wannan magana: tsakanin Garwa da Marwa tafiyar 'yan sa'o'i ce, akantocin kamfanoni da na ƙungiyoyi suna haɗuwa a ofishin haraji da na hukumar fanshon ma'aikata ta CNPS da wuraren bita, kuma direbobi suna kai labari fiye da waya. Wanda ya rubuta cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya dole ya koma ƙauye, sannan bayan mako uku aka gan shi cikin motar wata ƙungiya, ya mai da kansa maƙaryaci a kan abin da ba laifi ba ne tun farko. Akwai kuma wani haɗari da ba a cika tunawa da shi ba. Idan ka ce rashin lafiya ce, darakta mai kirki zai ce maka, "Allah ya ba ta lafiya, mun ɗaga maka zuwa wata mai zuwa," ka ga ka shiga ramin da sai da wata ƙaryar za ka fita.

Jimla ɗaya ta gaskiya ta wadatar, kamar wadda ke cikin misalin. Idan kuma ba ka son ambaton sabon aikin sam, kuma ba ka sa hannu a kwantiragi ba, kana iya cewa "bayan sake nazarin al'amurana na aiki na yanke shawarar janyewa", wannan ba ƙarya ba ce. Ni dai na fi son a faɗa a fili, domin mai karatu ya riga ya zata, kuma faɗin yana nuna ba ka raina hankalinsa ba.

In ambaci sunan sabon wurin da albashin da za su ba ni?

A'a, kada ka sa ko ɗaya. Adadin albashi a cikin wasiƙa yana karantuwa ko dai a matsayin gori ko a matsayin ciniki, sunan wurin kuma yana ba wanda ya fusata lambar da zai kira tun ba ka zauna a kujerarka ba. Haka nan ka bar kalmar "ya fi" a zuciyarka. "Na sami wani tayi" labari ne, "na sami tayin da ya fi naku" hukunci ne a kan mutanen da suka zaɓe ka daga cikin masu nema da yawa.

Sau nawa zan nemi afuwa? Ina jin kunya ƙwarai.

Sau ɗaya, kuma ka ambaci abin da kake neman afuwa a kansa, wato dagula musu shiri. Kunyar da kake ji daidai ce, alkawari ka yi kuma kana warware shi, bai kamata a ɗauki wannan da wasa ba. Amma maimaita "ku yafe mini" a kowane sakin layi, ko rubuta "na san na ci amanarku", ba ya rage wa kamfanin wahala ko kaɗan, kuma irin waɗannan kalmomi amsa laifi ne a rubuce da za su zauna a fayil. Ka kuma guji alkawarin da ba za ka cika ba, irin su "zan dawo gare ku nan gaba" ko "zan kawo muku wanda zai maye gurbina". Idan da gaske ka san wani ƙwararre da ke neman aiki, ka ambace shi a waya, su ne za su zaɓa.

An ba ni kuɗin mota ko somin-taɓi. Yaya zan yi da su?

Ka mayar da su duka, ka rubuta adadin da ranar mayarwa a cikin wasiƙar, ka kuma karɓi rasit. Idan ka riga ka kashe wani ɓangare, misali ka biya kuɗin ɗaki, ka faɗi gaskiya ka sa ranar da za ka cika, kada ka yi shiru da fatan za a manta. Haka ma duk abin da aka ba ka tun kafin farawa, ko katin shiga ne ko waya ko mabuɗi. Matashin da na ambata ya kai kuɗin da kansa washegari, kuma mai ajiyar kuɗin ta gaya mini daga baya cewa ganin ambulan ɗin ne ya sauko da daraktan, wanda da safe ya rantse ba zai sake ɗaukar yaro sabon gama makaranta ba. Idan ka bar takardun shaidar karatunka na asali a wurinsu, ka nemi a dawo maka da su a cikin wasiƙar nan, da jimla ɗaya mai ladabi.

Ta wace hanya zan isar da ita? Saƙon WhatsApp ya isa?

Bai isa shi kaɗai ba, ko da ta nan aka yi dukan maganar ɗaukar ka. Ka fara da kiran wanda ya ba ka aikin, ko ka je da ƙafarka idan gari ɗaya kuke. Bayan gaisuwa ka ce, "Yallaɓai, na kira ne in sanar da kai da bakina kafin takarda ta iso, ba zan sami damar fara aikin ba, na karɓi wani tayi." Daga nan ka yi shiru ka saurara, ko da maganar da za ta biyo baya ba mai daɗi ba ce. A ranar kuma ka aika wasiƙar ta imel zuwa adireshin da tayin ya fito, sannan ka kai kwafi biyu a takarda zuwa sakatariya, a karɓi ɗaya, a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata a ba ka. Wannan kwafin mai hatimi shi ne shaidarka, ka adana shi tare da rasit ɗin kuɗin. Idan aka ƙi karɓa, imel ɗin da ka aika yana ɗauke da ranarsa da sa'arsa.

Wani babba ne ya yi mini hanya na sami aikin. Shi ma wasiƙa zan rubuta masa?

Wannan ba a rubuta masa, zuwa ake yi, kuma kafin kowa. A wurinmu sau da yawa kawu ne ko baffa ko aminin mahaifi ya ɗaga waya ya ce "yarona ne, na tsaya masa", wato mutuncinsa ya jingina. Idan labarin ya fara iso masa daga bakin daraktan, ka kunyata shi sau biyu. Ka same shi a gida, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Kawu, na zo da wata magana ne wadda ban so ka ji ta a waje ba," ka nuna masa takardun biyu. A nan kana iya faɗin albashin da komai, domin shi naka ne. Yawancin manya idan suka ga bambancin sukan sa albarka, wasu ma su ce su za su fara kiran daraktan. Ka bar shi ya kira, amma kada kiransa ya maye gurbin wasiƙarka, kuma kada sunansa ya fito a cikinta.

Idan suka ce za su ƙara mini albashi, ko suka yi barazanar kai ni ƙara fa?

Ka yanke shawara a kan ƙarin tun kafin ka ɗaga waya, domin a cikin kiran ba za ka iya tunani da kyau ba. Idan akwai adadin da zai sa ka zauna, to ba wasiƙar janyewa ya kamata ka fara da ita ba, tattaunawa ce, kuma ka yi ta kafin ka sa hannu a sabon wurin. Idan ka riga ka amsa wa na biyun, komawa baya yana nufin warware alkawari biyu cikin mako ɗaya. Amsar da ta dace ita ce, "Na gode da wannan karamci, Yallaɓai, amma na riga na ba da kalmata a can," kuma shi ya sa wasiƙar ba ta ɗauke da kalmomi irin su "sai dai idan" ko "a halin yanzu".

Barazana kuwa, kada ka amsa ta a waya ko cikin fushi. Ka ce a rubuto maka abin da ake nema. Saɓani tsakanin ma'aikaci da mai aiki a Kamaru yana fara bi ta wurin sufeton ƙwadago don sasantawa kafin ya kai kotu, kuma a can abin da za a fara tambaya shi ne me ka sa wa hannu, yaushe ka sanar, kuma ko akwai kuɗin kamfani a hannunka. Idan kwantiragi mai wa'adi ne, ka ci gaba da neman takardar yardar juna da lalama, kada ka fara aiki a sabon wurin kana ɗauka shirunsu amincewa ne. Ka gaya wa sabon wurin halin da ake ciki, ka nemi su ɗaga maka ranar farawa da 'yan kwanaki har takardar ta fito.